Alamar Inna a Cikin Sabuwar Randa

Matso kusa ka ji, don wannan zancen ba na ɗaga murya ba ne. Ni mace ce ta cikin gida, karatuna bai wuce na allo ba sai ɗan abin da na tsinta a ajin manya, kuma in ba biki ko rasuwa ba, sai in yi wata ban taka ƙofar zaure ba. Amma Allah Ya ba ni kunne. In ka ƙwanƙwasa tukunya a bayan katanga, daga inda nake zaune zan gaya maka ko ta gasu, ko wuta ta ratsa ta gefe ɗaya ne kawai, ko kuwa akwai tsaga a ɓoye da ido bai gani ba. Wannan kam gado na yi.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, maginiyar tukwane ce a wani ƙauye cikin ƙasar Dawakin Tofa. Ni ban iya ginin ba. Ta gwada ni har ta gaji, daga ƙarshe ta ce hannuna na tuƙin tuwo ne, in tashi in ba ta wuri. Sai na koma zama a gefenta ina kallo ina surutu, tana aiki tana amsa mini da "uhm". A haka na san yadda take yi. Za ta kife wata tsohuwar tukunya mai kyan gindi, wadda take ce wa uwa, ta barbaɗe ta da toka don kada yumɓu ya manne. Sai ta shimfiɗa yumɓun a kai kamar faifai, ta yi ta bubbugawa yana sauka har ya lulluɓe rabin uwar. In ya ɗan sha iska sai ta ɗaga shi tun bai kama ya tsage ba, ta juyo shi, ta ci gaba da ɗora yumɓu da hannu har wuya da baki. Ka ga ke nan cikin sabuwar tukunya daga bayan tsohuwa yake fitowa.

Kowace maginiya da alamarta, wasu ma ba su da ita. Ta Inna a gindi take, ta waje: zane uku da tsinken kara, sai ta danna ƙaramin yatsanta a hannun dama na zanen. Yatsan nan guntu ne, lauje ya cire kansa tun tana yarinya, shi ya sa ramin da yake bari ba zagaye ba ne, ya ɗan karkace kamar ƙwayar wake.

Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, shekarar da ta daina zuwa ɗebo yumɓu da kanta, sai ta yi wani aiki da ya ɗaga mana hankali. A wajenmu da tukwane ake rufe ƙaramin ramin cikin kabari, a kife su a jere, a toshe tsakani da tsingaro da laka, sannan a tura ƙasa. Inna ta ce ita ba za a rufe ta da ginin wata ba. Ta gina manyan kasake guda shida, masu faɗin baki da kauri, ta gasa su ita kaɗai, ta jera a bayan rumbu ta lulluɓe da zana. A gindin kowanne ta yi alamarta, ta zurfafa zanen fiye da kullum, sannan ta ja wani dogon layi a ƙarƙashi wanda ya lanƙwasa ya hau ta gefen yatsan. Ban taɓa ganin wannan layin a jikin komai nata ba. Na tambaye ta, ta ce, "Wannan na rufewa ne. Duk wanda ya ga mai layi, ya san ba na kasuwa ba ne." Muka yi ta ce mata ta bari, tana dariya tana cewa mu ne matsorata, ai mai ajiye likkafani bai kira mutuwa ba.

Ta rasu da bazara. Ina tsakar gida maza suka yaye zanar suka fita da kasaken, shida cif, ina jin suna gogar juna suna amsa kuwwa. Yayana, wanda shi ne babba a ɗakinmu, shi ya shiga ya jera su da hannunsa. Ba a daɗe ba tsohuwar maƙabartar ta cika, aka buɗe sabuwa a bakin titi. Tsohuwar tana can bayan gonaki, a gaɓar rafi, ba hanyar kowa ba ce.

Damina ta uku bayan rasuwarta, gero ya fara fitar da kai, aka yi wani ruwa na kwana da yini wanda ya rushe katangu a unguwarmu. Bayansa da kamar wata ɗaya randata ta tsage, sai maigidana ya sayo mini sabuwa ranar kasuwa, ya ɗauro ta a bayan babur cikin buhu da ciyawa. Na ƙwanƙwasa na ji ta gasu. Na duba gindi ta waje, kamar yadda na saba, ban ga alamar kowa ba. Na ce to, Allah Ya sa albarka.

Da hantsi ne, rana fes, kaji suna tone-tone. Na zuba ruwa na zura hannu har kafaɗa ina wanke cikin. Sai yatsuna suka hau wani abu a can ƙasa. Na ɗauka tsakuwa ce ta maƙale. Na sake shafawa. Layi ne, ya taso kamar jijiya. Na biyu. Na uku. Sai wani ɗan tudu kamar ƙwayar wake. Na tsaya da hannuna a cikin ruwan, na ce wa kaina kada in ƙara matsawa ƙasa. Na matsa. Dogon layin yana nan, ya lanƙwasa ya hau.

Ban yi ihu ba. Na zare hannuna, na zauna a kan turmi, na ji tsakar gidan ta yi mini wani irin tsit, har kukan kurciyar da ke kan darbejiya ya zama kamar daga wani gari yake zuwa. Can na tashi na zubar da ruwan, na karkata randar ta fuskanci rana, na leƙa. Alamar Inna ce ta rufewa, a cikin randar da ko wata ɗaya ba ta yi da fitowa daga wuta ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: mai layi guda shida ne a duniya, kuma duk shidan ya kamata a ce suna ƙarƙashin ƙasa a kan mahaifiyata.

Maigidana da ya dawo daga gona ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba sai ƙuraje irin na yumɓu, in yi ta'awizi in bar zancen. Na ce a kira mini Yaya.

Yaya a birni yake kasuwanci, kayan tangaran yake sayarwa, farantai da kofuna da kwanukan jere na amare, duk Alhamis yake dawowa gida. Mutum ne mai son tsokana, tun muna yara yake ce mini Sarkin Kunne. Ya shigo da la'asar yana tambaya ko wace tukunya ce ta yi mini gulma yau. Da na gaya masa, ya leƙa ya daɗe, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce in kwantar da hankalina, randar kamfani ce. Wai yanzu kamfanoni suna yin jajayen kaya marasa ƙyalli, sak na gargajiya, har da na turare da na shuka fure, kuma kowane kamfani da tambarinsa a gindi. Ya ce zane uku da ɗigo ai ba Inna ce ta ƙirƙiro su ba, kowa ma zai iya yi.

Ya fita wajen babur ɗinsa ya dawo da kaya biyu daga cikin samfurin da yake yawo da shi: wani farin kwano mai fure, da wani jan kaskon turare wanda in ka hango daga nesa za ka rantse ginin hannu ne. Ya kife su a kan tabarma kusa da randar, ya ce to Sarkin Kunne, bismilla.

Na fara da farin. Wannan ba ya buƙatar gardama. Na ɗalle shi da farce ya yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta. Gindinsa yana da zobe da yake zama a kai, zoben ba ƙyalli, sauran jiki kuwa sumul. A tsakiya ga tambari shuɗi da rubutun boko, na shafa ban ji komai ba, don a ƙarƙashin ƙyallin yake. Yaya ya ce wannan sunan kamfani ne da ƙasar da aka yi shi, amma kada in yarda da shi ɗari bisa ɗari, ya sha ganin tambari ɗaya a kan kaya mai kyau da kuma na banza. Tambari yana gaya maka abin da mai kaya yake so ka ɗauka ne, in ji shi, jikin kayan shi ke faɗin gaskiya.

Na ce madalla, bari mu tambayi jikin. Na ɗauki jan kaskon. Launinsa ɗaya ne daga baki har gindi, babu inda ya fi wani wuri duhu. Na bi gefensa da yatsa na ji wani siririn layi ya sauko ta nan, ya kuma sauko ta can daura da shi, inda ɓari biyu na abin da aka zuba shi a ciki suka haɗu, an goge amma bai ɓace ba. Kaurinsa ɗaya ko'ina. Yumɓunsa laushi kamar garin alkama, ba yashi ko ƙwaya. Gindinsa a baje yake, ya zauna daram a ƙasa, kuma ga wasu lambobi sun taso a jiki. Yaya ya ce yana da guda arba'in a shago, in ka jera su ba ka bambance ɗaya da ɗaya.

Sai na jawo randar. Na nuna masa baƙin tabon da ke kafaɗarta, inda kara ko kashin shanu ya kwanta a jikinta lokacin gashi, da wani gefen da ya yi ja-ja. Na sa ya zura hannu ya ji gaɓar da ke tsakiyar ciki, inda aka ɗora ginin sama a kan na ƙasa, da shatin yatsu a jere. Na sa ya tsuke bakin da yatsu biyu ya zagaya, nan kauri, can sirara. Ga yashi yana ƙyalli a jiki. Gindinta a zagaye, ba ta zama sai an yi mata gurbi. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da murya mai kauri, gajeriya, irin ta ƙasar da aka gasa a fili.

Na ce, "Yaya, wane kamfani ne yake da yatsu?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce to ya yarda ginin hannu ne, sai dai har yanzu magana ɗaya ta rage, kuma ita ce hujjarsa. Alamar Inna a nutse take, a waje. Wannan kuwa a tashe take, a ciki, kuma ɗigon yana hagu, ba dama ba. Mai zane da tsinke ba ya yin zane mai tasowa. Ya ɗauki jan kaskon yana nuna mini lambobin, yana bayani irin na mai shago: duk rubutun da ka ga ya taso a jikin kaya, to daga jikin wani abu ya kwafo shi, can a nutse yake, kuma a juye, dama ta koma hagu.

Bai ƙarasa ba. Na ga bakinsa ya tsaya a buɗe. Shi ma ɗan Inna ne, ya ga uwa a kife sau dubu.

Na ce, "A kan kaskonta aka gina ta."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Ya ce ba zai yiwu ba, shi ya jera su, shida, ya toshe da laka. Na tambaye shi yaushe rabonsa da zuwa wajen. Ya ce ai duk Juma'a yana yi mata addu'a. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce tun da aka koma sabuwar maƙabarta, a bakin titi yake tsayawa ya fuskanci wajen ya shafa fatiha, don hanyar ta cushe. Rabonsa da tsayawa a kanta ya fi shekara. Ni da ban taɓa takawa ba, me zan ce?

Ya so ya tafi maƙabartar a lokacin, maigidana ya ce magariba ta kawo kai, kuma ba a shiga maƙabarta da zargi a baki, a fara sanin wanda ya yi ginin. Yaya ya fara ambaton masu tonon kabari don tsafi, irin labaran da ake ji a rediyo, har yana kiran sunan wani mutum da ba sa shiri. Na ce ya dakata, randar ba ta gama magana ba. Na kwantar da ita muka duba gindin ta waje. Babu alama, amma akwai shatin saƙar buhun taki, inda aka zaunar da ita tana ɗanya. 'Ya'yan gidan gini a cikin tsohon kasko suke zaunar da aiki, ba a kan buhu ba. Gaɓar tsakiya ta yi kauri da yawa, irin na mai tsoron kada gini ya faɗi. Shafar ciki kuma ta saɓa da yadda na saba ji a ginin Inna da ƙawayenta, na ce ina zaton bahaguwa ce, ko da yake wannan ban rantse ba. Na ce duk wadda ta yi wannan da girmanta ta koya, kuma ba ta san alamar Inna ba, don da ta sani da ta shafe ta da ɗan yatsa tun yumɓu yana ɗanye. Mai ɓoye laifi ba ya barin shaida a inda kowace mace za ta sa hannu.

Washegari Juma'a da sassafe maigidana ya je wajen wanda ya sayar masa. Ya dawo ya ce wata mata ce take kawo masa, daga wani ɗan ƙauye a gangaren rafi. Da na ji "gangaren rafi" sai na tuna rafin nan ta gindin tsohuwar maƙabarta yake bi kafin ya isa can.

Na yafa mayafi na hau bayan babur ɗin Yaya, maigidana yana bin mu. Hanyar duk gero ne da dawa sun fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai sama, saman kuma ta gabas ta fara haɗa baƙi. Iska ko kaɗan babu. Muka yi sallama, mazan suka tsaya a waje, na shiga. Matar ba ta kai ni shekaru ba, fara'a gare ta, ta shimfiɗa mini tabarma da hannun hagu tana ba ni haƙuri wai gidan duk yumɓu. Ban zauna ba. A tsakar gidan, ƙarƙashin rumfa, ga kaskon Inna a kife, toka ta yi masa fari, zanen uku suna kallon sama.

Na tambaye ta inda ta samu wannan uwar. Ta ce ai kyautar Allah ce. Bayan babban ruwan nan mijinta ya je ɗebo yashi a rafi, ya ga gindin abu ya leƙo, ya tono shi lafiya lau ko ɓantarewa bai yi ba. Ta ce ita da ta koyi gini a wajen maƙwabciya bayan ta yi aure, ba ta taɓa samun uwa mai kyan wannan ba, yumɓu yana kwanciya a kanta kamar an kira shi. Gashi biyu ta yi, ko ɗaya bai fashe mata ba, ita da a da sai ta yi asarar kashi ɗaya cikin uku. Har tana cewa da ta san wadda ta gina shi da ta je ta yi mata godiya.

Na durƙusa na share tokar da gefen mayafina, na sa ƙaramin yatsana a ramin. Na ce, "Mahaifiyata ce. Kuma wannan ba na kasuwa ba ne, 'yar'uwa. Na rufe ta ne."

Ba ta gane ba da farko. Da ta gane, ta kalli hannayenta, ta shiga goge su a jikin zane, tana gogewa tana ja da baya har ta jingina da bango. Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Na zaci na wanki ne ruwa ya ɗauko daga wani gida." Na ce na sani, randarta ta riga ta yi mata shaida tun jiya. Na tambaye ta guda nawa ta gina a kai. Ta ce ba ta ƙirga ba, randuna da manyan tukwane, duk sun tafi kasuwa.

Mijinta ya fito da kaskon a rungume. Yaya ya karɓa. Aka aika wa liman, aka tara maza da fartanya da shebur da buhuna, kowa yana duban gabas, don in ruwan nan ya sauka rafi zai sake cika, kuma ba wanda ya san abin da ya rage a gaɓar. Ni aka ce in koma gida. Na ce zan tsaya a bakin gonar ƙarshe, ba zan wuce ba. Liman ya ce a bar ni.

Na zauna a gindin wata tsamiya. Na ga geron ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, kaskon yana tafe a kan Yaya kamar shi kaɗai yake yawo a saman gona, sannan shi ma ya nutse. Rana tsaka ce amma hasken ya koma ruwan toka. Tsuntsaye sun yi shiru. Ina jin maganarsu sama-sama, sai kuma na ji ta ɗauke gaba ɗaya, lokaci guda, kamar an rufe ƙofa. Na san sun isa, na kuma san sun ga wani abu.

Ban san iya daɗewar shirun ba. Sai na ji salati ƙasa-ƙasa, sai sarar fartanya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can wani ƙarfe ya taɓa wani abu, ƙwal, sau ɗaya. Muryar ginin Inna ce, ba na ɓata ta ko a cikin dubu. Na kasa kunne in ji ko da tsaga a cikinta. Babu. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai kaskon da ke kusa da wanda ya tafi yana nan da ransa. Daga nan sai aikin ya kankama, ana cika buhuna da yashi, ana jan duwatsu, ana sara rassan itace. Masallacin garinmu ya yi kiran farko suna ciki. Iska ta taso, geron ya shiga kwanciya yana tashi, yayyafi ya fara sauka ɗai-ɗai.

Suka fito jikinsu duk laka. Maigidana ne ya yi mini bayani, shi ma a taƙaice. Ruwa ya ci gaɓar ya shigo har layin ƙarshe. Ta wajen ƙafafun Inna ƙasa ta zabtare, kasko ɗaya ya tafi, na biyu ya karkata yana rataye, saura kaɗan. Ƙasar sama ta rufto ta toshe gurbin, shi ya sa ba a ga abin da ba a so a gani ba. Akwai wasu kaburbura biyu a gefenta da su ma suka fara buɗewa, an gyara duka, an mayar da kaskon mazauninsa, an yi wa gaɓar shinge. Ya ce da an ƙara ruwa ɗaya, da na biyun ma ya tafi.

Yaya shi ne na ƙarshe. Ya tsaya a gabana, idonsa ja, ya ce, "Mun same ta a rufe. Shida sun cika." Ya juya ya hau babur. Ko gida ba mu kai ba aka tsuge da ruwa, muka fake a wani zaure muna jin rafin yana ruri daga nesa. Bayan damina mutanen gari suka haɗu aka gina wa gaɓar katanga ta dutse da siminti, aka kuma share hanya.

Saura randar. Yaya ya ce a fasa ta. Liman ya ce babu komai a kanta, ƙasa ce aka gina a kan ƙasa, kuma bayan kaskon ne ya taɓa ta, ba cikinsa ba. Maigidana ya ce ya ji, amma shi dai ba zai sha ba, ya sayo wa kansa bokitin roba mai murfi. Ni na kai ta ɗakina na yi mata gurbi da yashi. Ruwanta sanyi kamar na rijiya. Duk ranar wanki in na zura hannu na kai ƙasa, tsikar jikina sai ta tashi, har yau ban saba ba, kuma ban iya fasawa ba.

Matar nan ta daina gini wata biyu, sannan ta koma kan tsohuwar uwarta. Amma waɗanda ta riga ta sayar suna nan a gidajen mutane, daga nan har ƙauyukan Rimin Gado, in ji mai sayarwar. Kwanan baya na je suna a unguwarmu, aka ce in taya ɗebo ruwa. Randar mai jegon ta kusa ƙarewa, na zura moɗa har ƙasa, bayan yatsuna suka gogi layi uku da ɗan tudu. Tsohuwar gidan tana tsaye a kaina tana yaba randar, wai tun da suka saye ta ba su ƙara marmarin ruwan firji ba, da ita ma aka yi wa jaririn wankan farko. Na cika kofin na miƙa mata, ta sha, ta yi hamdala. Na dawo gida ban faɗa ba, kuma har yanzu ina juya abin a raina. Kai da ka ji duka, in kai ne a tsaye da moɗar nan a hannu, za ka gaya mata?